ƘWARYAR SHINKAFA DA TSAKUWA: WA YA FI KAMATA MU JI TSORO, ƁARAWON DA YA TSIRA KO MAI GASKIYAR DA AKA KORA?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ko zaman iyaye ya kawo mu Fatakwal da Anacha da Inugu. Rubutun nan yana da tsawo, na sani. Wanda data ɗinsa ya kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Amma don Allah kada wanda ya yi min sharhi sai ya kai ƙarshe, domin akwai ɓangare biyu da zan taɓa, kuma kowanne zai ji ba daɗi.

Kwana uku ke nan ana musu a guruf ɗinmu a kan satar amsa. Wani ɗan uwa ya rubuta cewa duk wanda kwamfuta ta nuna, a kore shi kawai, "ai na'ura ba ta san ƙabila ba, ba ta karɓar cin hanci." Mutane da yawa suka danna masa babban yatsa. Ni kuma na kasa barci, saboda na taɓa raka wanda na'ura ta nuna, na zauna a benci a bakin ƙofar kwamiti ina jiran ya fito.

Ba zan kama sunan yaron ba, ba zan kama sunan makarantar ba. Ƙanin abokina ne, mahaifinsu yana sayar da albasa a Anacha shekara sama da ashirin. Shi da wasu yara biyu 'yan unguwarsu aji ɗaya suke, ɗaki ɗaya suka kama, tukunya ɗaya suke ci. Suka rubuta jarrabawar kwamfuta ta wani kwas na gama-gari, irin wanda duk 'yan ajin farko ke ɗauka, tambaya 60, kowace da zaɓi huɗu. Sakamako ya fito, na kowa ya fito ban da nasu. Bayan mako biyu takarda ta zo: ana zargin su da haɗa baki. Hujjar ita ce, akwai tambaya tara da su biyu daga cikinsu suka faɗi tare, kuma a dukkan taran kuskure iri ɗaya suka zaɓa. Na ukun ya bi su a takwas. An ce musu yiwuwar hakan ta faru ba da haɗin baki ba ɗaya ce cikin kusan dubu ashirin.

Ɗaya cikin dubu ashirin. Wallahi ranar da na fara jin wannan adadi ni kaina sai da na kalli yaron na ce, "Kai, gaya min gaskiya." Ya ce, "Yaya, ko ɗaki ɗaya ba mu zauna ba." Zan dawo kan yadda ta ƙare. Bari mu fara gane abin da ake magana a kai.

KUSKURE BIYU NE, BA ƊAYA BA

Duk abin da aka ɗora wa aikin tantancewa, mutum ne ko na'ura, hanya biyu yake da ita ta yin kuskure. Ko ya kama wanda bai yi ba, ko ya saki wanda ya yi. Na farko zan kira shi kamun kuskure, na biyu sakin kuskure. Mai gyaran shinkafa ya san su duka: ko ya bar tsakuwa ta wuce cikin tukunya, ko ya zubar da ƙwarya mai kyau yana zaton tsakuwa ce.

Abin da mutane ba sa so su ji shi ne, waɗannan biyun kamar sikeli suke. In ka danne ɗaya, ɗayan ya tashi. Ka ce wa mai gyaran shinkafa ko tsakuwa ɗaya ba ka yarda ka tauna ba, zai zubar maka da shinkafa mai yawa. Ka ce masa ko ƙwarya ɗaya kada ta salwanta, to shirya haƙoranka. Haka manhajar kama satar amsa take. Akwai wani layi da mutum ya zauna ya ja da hannunsa: kuskure iri ɗaya nawa ne za a ce ya yi yawa? Biyar? Bakwai? Tara? Haka ma a kundin digiri, kashi nawa na kamanceceniya da rubutun wasu ne za a ce sata? Na'ura ba ta ja layin nan ba. Mutum ne ya ja, kuma inda ya ja shi ne yake yanke yawan masu gaskiyar da za a kama da yawan ɓarayin da za su tsira.

Don haka duk wanda ya ce maka "manhajarmu tana da inganci kashi 95 cikin ɗari", bai gaya maka komai ba tukuna. Tambaye shi: cikin masu laifi ɗari, nawa take kamawa? Cikin marasa laifi ɗari, nawa take kamawa bisa kuskure? Lamba biyu ce daban, kuma ta biyun ita ake ɓoyewa.

MU YI LISSAFI, BA SHI DA WUYA

Wannan misali ne na ƙirƙira don mu gane, ba ƙididdigar wata makaranta ba ce. A ce ɗalibi 2,000 suka zauna jarrabawa. A ce 100 daga cikinsu sun yi satar amsa da gaske, 1,900 kuma da guminsu suka rubuta. Ga manhaja mai kyau: tana kama kashi 90 na masu laifi, tana kuskure a kan kashi 5 kacal na marasa laifi.

Cikin ɓarayi 100, ta kama 90, goma sun sha. Cikin masu gaskiya 1,900, kashi 5 ɗin nan da ya yi kama da ba komai ba, mutum 95 ne. To haɗa: sunaye 185 ne za su hau allon sanarwa. Masu laifi 90, marasa laifi 95.

Ku sake karantawa. Fiye da rabin waɗanda aka liƙa sunansu ba su yi komai ba. Kuma mai manhajar bai yi ƙarya ba da ya ce ingancinta ya kai kashi 95, domin ta yi daidai a kan mutum 1,895 cikin 2,000. Lissafinsa gaskiya ne, amma ba amsar tambayarmu ba ne. Tambayar kwamiti ita ce: wannan yaron da ke tsaye a gabanmu, da yake an nuna shi, mene ne yiwuwar cewa ya aikata? A wannan misali, amsar ba ta kai ta jefa kwabo sama ba.

Dalili kuwa a fili yake. Masu gaskiya sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka ɗan ƙaramin kaso nasu ya fi babban kaso na ɓarayi. In ka canza yawan ɓarayin, labari ya canza. A ce cibiyar jarrabawa ce irin ta "mu'ujiza", inda rabin ɗalibai 2,000 suka yi sata. Manhajar nan dai za ta kama 900 masu laifi da 50 marasa laifi, wato kusan kashi 95 na waɗanda aka nuna masu laifi ne. Manhaja ɗaya, layi ɗaya, amma nauyin hujjarta ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Abin takaici, a inda ɗalibai suka fi gaskiya, a nan ne zargin na'ura ya fi zama ƙarya.

Yanzu a matsa layin, a tsananta sharaɗi, kamun kuskure ya sauko kashi 1. Farashinsa shi ne kamun masu laifi zai ragu, a ce zuwa kashi 70. Sai a kama ɓarayi 70 da masu gaskiya 19. An ceci mutum 76 daga sharri, an bar ƙarin ɓarayi 20 sun wuce. Ga ciniki nan a gabanku, kuma shi ne ainihin abin da muke musu a kai. Ba lissafi ne zai zaɓa mana ba. Lissafi farashi kawai yake faɗa.

INA ƊAYA CIKIN DUBU ASHIRIN TA FITO?

Mu koma kan yaranmu. Na zauna na gano yadda aka samo adadin. Kowace tambaya tana da amsa ɗaya daidai da uku na kuskure. In mutum biyu sun faɗi tambaya, kuma kowa canki-canka ya yi, yiwuwar su dace a kan kuskure ɗaya ita ce ɗaya cikin uku. Ka ninka ɗaya bisa uku sau tara, ka samu ɗaya cikin 19,683. Lissafin daidai ne. Tubalin da aka ɗora shi a kai ne ruɓaɓɓe, ta fuska uku.

Na farko, ɗalibai ba canki-canka suke yi ba. Duk wanda ya taɓa tsara tambaya ya san akwai amsar tarko, wadda ta yi kama da gaskiya, kuma yawancin masu faɗuwa a cikinta suke faɗawa. A ce cikin masu faɗuwa goma, bakwai tarkon suke zaɓa, biyu wani, ɗaya na ukun. Yiwuwar baƙi biyu da ba su san juna ba su dace ta tashi daga ɗaya bisa uku zuwa kashi 54 cikin ɗari. Ninka wannan sau tara, za ka samu kusan ɗaya cikin 256. Daga dubu ashirin an faɗo ɗari biyu da hamsin, ba a ma taɓo maganar abokantaka ba.

Na biyu, manhajar ba yaran nan kaɗai ta duba ba. Kowa ta gwada da kowa. A ajin mutum 2,000 akwai haɗin mutum bibbiyu har 1,999,000. Ba dukkansu ne suka faɗi tambaya tara iri ɗaya ba, amma ko kaɗan ne daga cikinsu, dubbai ne. Abin da ke faruwa sau ɗaya a 256, in ka gwada shi sau dubbai, dole ka same shi, ba sau ɗaya ba. Wanda ya jefa taru a kogin Kwara ya kamo kifi mai tabo a goshi, bai kamata ya yi mamaki ba.

Na uku, kuma shi ne namu: tare suka yi karatu. Fotokwafi ɗaya ta tsofaffin tambayoyi suka saya a bakin get, wadda wani ya bi ya yi wa amsoshi da biro. Amsa bakwai daga cikin taran nan, a takardar ma kuskure ne. Sun haddace kuskure tare bayan sallar isha'i, sun kai shi ɗakin jarrabawa kowa a kansa. Wannan ba satar amsa ba ce. Sakaci ne, kuma sakamakonsa faɗuwa a tambaya bakwai, ba kora ba.

Ku lura da dabarar da ke cikin maganar. "Da wuya marar laifi ya yi haka" daban, "da wuya wanda ya yi haka ya zama marar laifi" daban. Da wuya ka ga mutum ya kai shekara ɗari, amma in ka ga tsoho ɗan shekara ɗari ba za ka ce aljani ne ba. Kwamitoci da yawa a tsakanin jimlolin nan biyu suke zamewa, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba.

KASHI BIYAR ƊIN BA RABON DAIDAI AKE YI MASA BA

Ga amsata ga ɗan uwan da ya ce na'ura ba ta san ƙabila ba. Gaskiya ne ba ta sani ba. Amma tana auna kamanni, kuma wasu mutane rayuwarsu ce ta sa suke kama da juna. Mu a nan 'yan tsiraru ne. A aji mai ɗari uku za ka tarar mu huɗu ne ko biyar. Masallaci ɗaya, mai shayi ɗaya, littafi ɗaya da ake karɓa-karɓa saboda ba kowa ke da kuɗin saye ba. Da yawanmu malami ɗaya ya koya mana Turanci, don haka har kuskuren nahawunmu iri ɗaya ne. Ga sunaye: Abubakar Muhammad nawa ka sani? Takarda ɗaya ta ce Muhammad, ɗaya ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammed, sai a fara maganar ko wani ne ya zauna maka jarrabawa.

In kamun kuskure kashi 5 ne a kan kowa da kowa, yana iya zama kashi 2 a kan wanda ke karatu shi kaɗai a gidan ubansa, ya zama ninkin-ba-ninkin a kan masu karatun taro. Ba mu kaɗai ba ne: 'yan coci ɗaya, 'yan ƙauye ɗaya, da yaron Inyamuri da ke karatu a Sakkwato ko Zariya tare da 'yan uwansa uku, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ba sai an yi niyyar wariya ba kafin sakamako ya karkata.

Sannan in abin ya faɗo, nauyinsa ba ɗaya ba ne. Wanda kawunsa lakcara ne, kafin la'asar an ji ta bakinsa. Ɗan mai albasa fa? Uban bai taɓa shiga harabar jami'a ba, kunya ta hana shi gaya wa abokan kasuwa, kuma in labari ya fita ba a cewa "wane ya yi sata", cewa ake "yaran Hausawan nan".

BA A NAN KAƊAI BA

Kada wani ya ce matsalar ƙasarmu ce. A watan Fabrairun 2014, shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi na gaske a wasu cibiyoyin jarrabawar Turanci ta TOEIC a Landan, wadda a lokacin baƙi ke amfani da ita don sabunta biza. Gwamnatin Birtaniya ta sa kamfanin ETS ya binciki muryoyin da aka naɗa. Cikin jarrabawa sama da dubu 58, kamfanin ya ce sama da dubu 33 na bogi ne, sama da dubu 22 kuma akwai shakka a kansu. Kashi 97 ke nan. Aka soke biza, aka fitar da mutum sama da dubu biyu da ƙarfi, wasu dubbai suka tattara da kansu. Wani ƙwararre ya ƙiyasta cewa kuskuren bai kai kashi 1 ba. To ko da a ce kashi 1 ne, a cikin dubu 33 ɗaruruwan mutane ne. A 2019 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya fitar da rahoto: ya yarda an yi maguɗi mai yawa, amma ya nuna cewa cikin waɗanda suka ɗaukaka ƙara, kusan kashi 40 sun yi nasara. Waɗannan su ne masu kuɗin lauya da ƙarfin jira. Wanda aka riga aka sa a jirgi, wa ya ƙirga shi?

A gida kuma, ba mu manta da Mayun 2025 ba. Ɗalibai suka yi ta kuka cewa makinsu na JAMB ba nasu ba ne, aka yi ta ce musu ba su yi karatu ba. Ranar 14 ga wata, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas biyar, har da Inugu da Anambara da muke zaune. Aka sake musu jarrabawa. Wannan ba zargin sata ba ne, kuma na jinjina masa da ya fito ya faɗi gaskiya. Amma darasin a fili yake: "kwamfuta ce ta ce" ba rantsuwa ba ce.

YANZU KUMA NAMU ƁANGAREN

Na san wasu sun fara murna, suna cewa ga namu ya tsaya mana. Ku dakata. Sakin kuskure shi ma zalunci ne, kuma akwai wanda ake zalunta. Yarinyar da ta kwana tana karatu ta samu maki 58, wanda ya shigo da waya a safa ya samu 75, an cuce ta. Wanda ya saci amsa har ya zama injiniya, wata rana gadarsa za mu hau. Ma'aikacin jinyar da ya sayi sakamako, uwar wani zai yi wa allura. Kuma mu daina yaudarar kanmu: akwai namu da ke yi. Mun san su. Duk lokacin da aka kama irinsu muka tashi da ihun ƙabilanci, kuɗin amanarmu muke kashewa, ranar da mai gaskiya zai buƙace shi sai a tarar asusun babu komai.

Ku tuna abin da ya faru a Nnewi a 2023. Wata ɗaliba ta ce ta ci 362 a JAMB, hukumar ta ce 249 ta ci. Jama'a da yawa suka goya mata baya, aka zagi hukumar iya zagi. Gwamnatin Anambara ta kafa kwamiti, daga ƙarshe yarinyar ta amsa cewa ita ta sauya sakamakon. Zargin gaskiya ne. Amma ku duba abin da ya tabbatar da shi: ba wani adadi na "da wuya" ba ne. An kawo ainihin bayanan da ke rumbun hukumar, an gwada da takardar da ke hannunta, an zaunar da ita an ji ta bakinta. Haka ake yi.

TO WANNE YA FI MUHIMMANCI?

Amsata: ya danganta da matakin da kake, kuma babban laifin makarantunmu shi ne haɗe mataki biyu su zama ɗaya.

Matakin farko bincike ne. A nan sakin kuskure ne abin tsoro. Baza taru da faɗi, ka duba mutum 185 ɗin nan duka, ba laifi, muddin dubawar a asirce take kuma ba ta hana kowa rajista ba. Mataki na biyu hukunci ne. A nan kamun kuskure ne abin tsoro, nesa ba kusa ba. Asibiti ma haka take yi: in gwajin farko na cuta mai karya garkuwar jiki ya nuna akwai, ba a sallamar mutum da wannan labari sai an sake gwadawa da wani gwajin daban.

Dalilina uku ne. Na ɗaya, ɓarawon da ya tsira yau, gobe akwai wata jarrabawar. Kafin ya gama digiri zai zauna gomman jarrabawa, ga kare kundi a gaban malamai. Tarko yana jiran sa sau da yawa. Mai gaskiyar da aka kora sau ɗaya ake korar sa, kuma shi ke nan. Na biyu, cutar sakin kuskure ana raba ta a kan jama'a, kowa ya ɗauki kaɗan, amma cutar kamun kuskure a kan mutum ɗaya take sauka gaba ɗaya, kuma da hannun hukumar da ya ba amana. Na uku, kamun kuskure ba ya ganuwa. In ɓarawo ya tsira, wata rana asirinsa na iya tonuwa a ce tsarin ya gaza. In aka kori mai gaskiya, a rahoton shekara cikin nasarori za a lissafa shi: "mun kori ɗalibai kaza saboda maguɗi." Kuskuren da ake yi wa tafi, wa zai gyara shi?

Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Tun a makarantar allo da zaure muka ji cewa mai zargi shi ke kawo shaida, kuma shubuha tana kawar da haddi. Dubi sharaɗin shaidu huɗu a zargin zina, da bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi ya kasa kawo su. Tsari ne da ya san sarai masu laifi da yawa za su wuce, ya yarda da hakan don kare mutuncin wanda bai yi ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, sashe na 36, ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli a 1986 ta rushe korar ɗaliban da aka yi bayan tarzomar 1983, saboda ba a yi musu adalci wajen sauraro ba. Cikin dalilan har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa.

Kyawun abin shi ne, ba sai mun zaɓi tsakanin sakin kowa da korar kowa ba. Koma kan 185 ɗinmu. A yi musu gwaji na biyu mai ƙarfi irin na farko, amma wanda bai dogara da shi ba. Cikin ɓarayi 90 za a tabbatar da 81. Cikin masu gaskiya 95, kusan biyar ne kawai za su rage. Daga fiye da rabi an dawo kusan kashi 6. Sharaɗin dai shi ne hujja ta biyu ta zama mai cin gashin kanta. Sake saka amsoshin a manhajar, ko kiran wanda ya kai ƙara ya maimaita maganarsa, ba shaida biyu ba ce. Shaida ɗaya ce ta sake riga.

IN TA FAƊO MAKA KO WANI NAKA

Kada ka yi faɗa, kada ka fara da maganar ƙabila, kada ka sa hannu a takardar amsa laifi don an ce za a sassauta maka. Nemi a ba ka zargin a rubuce. Nemi jadawalin zama: wane ɗaki, wace kujera, wane rukuni, ƙarfe nawa. A jarrabawar kwamfuta akwai bayanan lokacin shiga da fita da lambar na'ura, nemi a duba. Kawo littafinka da fotokwafin da ka yi karatu da su. Ka roƙi a yi maka tambayoyi baki da baki a kan kwas ɗin, ko a sake maka jarrabawa a gabansu. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace: mutum nawa ne a ajin suka zaɓi waɗannan amsoshin na kuskure? Masu rubuta kundi kuma, ku riƙa ajiye tsofaffin kwafi da kwanan wata da gyaran da malami ya yi muku da biro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayar nan ta ƙarshe ita ta ceci yaranmu, kuma ba mu muka yi ta ba. Wata malama ce a kwamitin, 'yar ƙabilar Ibo, ta karɓi fotokwafin ta jujjuya, ta ce a je a duba sauran ajin. Aka tarar ɗalibai da dama da ba su taɓa gaisawa da yaran ba suna da yawancin kurakuran nan, domin duk a wuri ɗaya suka sayi takardar. Jadawali kuma ya nuna ɗaya da safe ya rubuta, biyun da rana a ɗakuna daban. Wani a kwamitin ya ce ai na safe zai iya gaya wa na rana. Malamar ta ce, in satar amsa zai ba su, me ya sa zai ba su amsar da takardar bakin get ta riga ta ba kowa?

An wanke su. Bayan wata biyar. Samista ta wuce, kuɗin haya ya tafi, ɗaya daga cikinsu ya koma shagon babansa bai dawo ba har yau. Babu wanda ya ce musu yi haƙuri, kuma babu wani littafi da aka rubuta cewa manhajar ta yi kamun kuskure uku.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai a Fatakwal da Anacha da Inugu abu biyu. Ku samu mutum biyu ko uku da suka karanta littafin dokokin makaranta da kyau, waɗanda za su raka duk wanda aka kira kwamiti. Kuma in bincike ya tabbatar namu ya yi, ku yi shiru ku bar hukunci ya hau kansa, kada a je ana kamun ƙafa.

Ɗan uwa mai cewa a kori duk wanda na'ura ta nuna, na san kishin gaskiya ne ya sa ka faɗa, kuma ina tare da kai a ƙin satar amsa. Tambaya ɗaya kawai zan bar maka a sharhi, ka amsa da lamba, ba da wa'azi ba: masu gaskiya nawa ka yarda a kora don a kama ɓarawo ɗaya? In ka rubuta lambar, sai ka sa sunan ƙaninka a cikinsu ka sake dubawa.

Allah Ya kare mu daga zalunci, da wanda za a yi mana da wanda za mu yi. Wanda ya ga kuskure a lissafina ya nuna min, zan gyara a nan a gaban kowa.